Hausa a sama ko Turanci? Abin dubawa kafin ka saki tallar harshe biyu

Duk mai haɗa talla da Hausa da Turanci yana ɗauka cewa mutane za su karanta duka biyun. Yawancinsu ba sa yi. A Instagram, rubutun da ke ƙasan hoto yakan yanke ne bayan harafi kusan 125, sauran ya ɓuya sai an taɓa “more”, duk da cewa an ba ka damar rubuta har harafi 2,200. Facebook ma yakan naɗe dogon rubutu a ƙarƙashin “See more” bayan ’yan layuka. Saboda haka harshen da ka sa a sama shi ne tallar ga mafi yawan masu wucewa, na ƙasan kuma sai wanda ya riga ya tsaya ne zai gan shi.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Wata cibiya tana koyar da gyaran waya, kwas na wata uku, tana neman ɗalibai. Waɗanda za su zo matasa ne, kuma galibi iyaye ko yayye ne za su biya musu. Akwai kuma ƙungiyoyin da kan ɗauki nauyin horar da matasa, waɗanda ma’aikatansu ke aiki da Turanci. Tambayar da za a fara yi ita ce, wane ne zai ciro kuɗi daga aljihu, kuma da wane harshe yake ciniki?

Idan aka sa Hausa a gaba, an yi magana kai tsaye da mai biya. Uban da zai tura ɗansa ya fi amincewa da abin da ya fahimta ba tare da ya nemi mai fassara ba, kuma ya fi saurin tura wa ɗan’uwansa ta WhatsApp. Akwai wata riba da ba a cika lura da ita ba: Bahaushen da ya yi boko yana karanta Hausa ba tare da wahala ba, amma ba kowane mai karanta Hausa ne ke sakewa da Turanci ba. Ga kuma Hausawan Nijar, waɗanda Faransanci ne harshen bokonsu, Turancin bai amfane su da komai. Matsalar ita ce mun saba buɗe zance da doguwar gaisuwa. Cikakkiyar sallama, a ƙara da “’yan’uwa masu albarka, muna farin cikin sanar da ku cewa”, ta kusa cinye harafi 125 ɗin, ba a ma ambaci gyaran waya ba. Sallama abu ne mai kyau, amma a taƙaita ta, ko a bar cikakkiyarta ga bidiyo da saƙon murya. Dubi wannan: “Ana rajistar koyon gyaran waya. Wata uku, safe ko yamma, za a fara 5 ga wata. Kira lambar da ke hoto.” Harafi 101 ne har da tazara, kuma ya faɗi abin da ake yi, tsawon lokaci, ranar farawa da matakin da za a ɗauka. Ko gajeriyar sallama aka ƙara a gabansa, bai wuce iyaka ba.

Sa Turanci a gaba yana da wurinsa, sai dai wurin ya fi yadda ake zato ƙanƙanta. Ya dace idan cibiyar tana neman hankalin ƙungiyoyin nan ne, ko tana son ɗalibai daga cikin maƙwabta da ba sa jin Hausa. Da yawa suna zaɓarsa ne don a ga sana’arsu ta waye, kuma a ganina wannan dalili ba ya kawo ciniki. Alamar an yi kuskure a fili take: tallar Turanci ce a sama, amma duk masu sharhi da Hausa suke tambayar “nawa ne?” da “a ina kuke?”, alhali amsar tana can ƙasa inda ba su buɗe ba.

Sai masu cakuɗawa, layi ɗaya Hausa, na biye Turanci, har ƙasa. Wannan ne ba na ba kowa shawarar ya yi. Kowane mai karatu sai ya riƙa tsallake rabin abin da ke gabansa, kuma gurbin nan na sama ya rabu biyu, babu harshen da ya gama faɗin maganarsa. Manhajojin da ke fassara da kansu ma sukan rikice wajen gane harshen rubutun idan an gauraya shi haka, su fitar da fassarar da ba ta da kai.

Zaɓin da ya fi tsada wajen aiki shi ne talla biyu daban, kowace da harshenta, kuma shi ya fi dacewa idan za a biya kuɗi a tallata. A nan ne ake gane gaskiya maimakon hasashe. A yi amfani da hoto iri ɗaya, kuɗi iri ɗaya, yanki ɗaya, a sake su lokaci guda, a bar su mako guda aƙalla. Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, na da tsarin gwajin da ake kira A/B test don wannan. Ko ba shi ma, ana iya sa wa kowace talla mahaɗin WhatsApp mai saƙon da aka riga aka rubuta:

```
https://wa.me/LAMBA?text=Rajista-H
https://wa.me/LAMBA?text=Rajista-E
```

A gurbin LAMBA sai a sa lambar waya da lambar ƙasa, ba sifili a farko, ba alamar tarawa. Bayan mako guda a ƙirga saƙonni nawa suka zo da H na tallar Hausa, nawa da E na tallar Turanci, sannan a duba mutum nawa ne suka biya a kowane ɓangare. Yawan masu danna alamar so ba ma’auni ba ne, don mutum na iya yaba hoto bai da niyyar rajista. Kuma a yi hattara da ware masu kallo ta harshe wajen saita tallar: Hausawa da yawa wayarsu da manhajojinsu a Turanci suke, don haka zaɓar “Hausa” kaɗai na iya zubar da mutanen da ake nema. Ware su ta yanki ya fi aminci.

Idan dai talla ɗaya za a yi, ga cibiyar nan Hausa ce ya kamata ta hau sama, Turanci ya biyo a dunƙule bayan layi guda da aka bari fili. Kada Turancin ya zama fassarar Hausar kalma da kalma, haka ma akasin haka. Kowane a rubuta shi da kansa, don mai karanta Turancin wataƙila takardar shaidar kammalawa da yawan ɗaliban da aji ke ɗauka ne damuwarsa, uba kuwa yana son sanin lokacin karatu da ko yaron zai iya buɗe shago bayan ya gama. Abin da tilas ya zama ɗaya shi ne kuɗi, rana, wuri da lambar waya. An fi samun tangarɗa idan aka ɗaga ranar farawa, aka gyara ta a harshe ɗaya aka manta ɗayan. Maganin shi ne a rubuta waɗannan sau ɗaya tak da alƙaluma, a kan hoton, inda kowa zai gani.

Kan hoton kuma a duba haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ. Nau’o’in rubutu na ado da yawa ba su da su, sai harafin ya fito a matsayin akwati ko ya bambanta da sauran. Cire lanƙwasar na iya sauya ma’ana, kamar ƙafa da kafa, don haka gara a sauya nau’in rubutun. Wanda zai aika tallar ta tes kuwa ya sani cewa harafi ɗaya irin wannan yana mayar da iyakar saƙo guda daga harafi 160 zuwa 70. Layin nan namu mai harafi 101 babu ko ɗaya a cikinsa, don haka zai tafi a saƙo guda, amma da an sa “ɗalibai” a ciki, sai a caje shi kuɗin saƙo biyu.