Sandar salfi, maɗorin waya ko manhaja: wanne ke gyara girman hanci a hoto?

Kafin mutum ya kashe kuɗinsa, ya kamata ya san cewa kusanci ne ke kumbura hanci a hoton salfi, don haka sayen sabuwar waya mai tsada ba zai sauya komai ba muddin za a riƙe ta a inda aka riƙe tsohuwar. Idan waya tana da tazarar santimita 30 daga tsinin hanci, kunnuwa suna can wajen santimita 42, sai kyamara ta girmama hancin da kusan kashi 40 cikin ɗari fiye da kunnuwan. A tazarar santimita 90 bambancin yana sauka zuwa kashi 13, a mita ɗaya da rabi kuma ya koma kashi 8 kacal. Alamar matsalar ita ce kunnuwa su ɓuya a bayan kumatu.

Sandar salfi ce mafi sauƙin ɗauka, kuma idan aka haɗa tsawonta da na hannu, waya takan yi nisan kusan mita ɗaya. Sai dai fuska za ta ƙanƙance a hoton, dole a yanke gefe-gefe daga baya, wanda ke rage kaifinsa, musamman a wuri mai ƙarancin haske. A zaɓi sandar da mariƙinta ba ya karkata da nauyin waya.

Maɗori mai ƙafa uku da ɗan rimot ya fi ta a ganina, ko da yake ya fi wahalar yawo da shi, domin yana ba da damar tsayawa a mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a yi amfani da kyamarar baya, a danna 2x ko 3x don fuska ta cika hoton. Abin dubawa kafin saye shi ne tsayinsa, domin maɗorin da bai kai daidai idon mai shi ba zai ɗauko fuskar daga ƙasa, haɓa da ƙofofin hanci su fito fili.

Manhaja kuwa ta dace da tsofaffin hotunan da ba za a iya sake ɗauka ba. Gyaran ruwan tabarau da ke cikin Lightroom yana miƙe layukan da suka lanƙwashe ne, ba ya taɓa girman hanci. Liquify, wato kayan ja da matse sassan hoto da ke cikin Photoshop, yana iya matse hancin, amma ba zai dawo da kunnuwan da kyamara ba ta gani ba, kuma idan aka wuce gona da iri fatar da ke kewaye takan nuna alamar an ja ta.

Wanda fuskarsa ke faɗaɗa kawai idan ta faɗo a gefen hoto, kamar a hoton taro, ba ya bukatar sayen komai, ya matso tsakiya ya kuma guji 0.5x, wato kyamarar da ke ɗauko wuri mai faɗi.