Kana biyan kuɗin mega 200, mega 90 ke iso maka: ka canja rauta ko ka gyara ta?

Mutum zai ƙara kuɗin wata, kamfani ya ɗaga masa layin faiba daga megabit 50 zuwa 200, amma a gida ya ga bambancin bai taka kara ya karya ba. Kafin ka ɗora wa kamfanin laifi, duba tsohuwar rautar da ka jona a bayan akwatinsu, wato na'urar da ke raba maka Wi-Fi a gida.

Ɗauki TP-Link TL-WR841N, mai eriya biyu, wadda ta cika gidaje da shaguna. A kwalinta an rubuta 300 Mbps, amma ramukan kebul na bayanta `10/100` ne. Ke nan duk abin da zai shigo mata ba zai wuce megabit 100 ba, a gwaji kuma wajen 94 za ka gani. Ga shi a zangon 2.4 GHz kaɗai take aiki, inda rautocin maƙwabta ke cunkoso, shi ya sa abin da ke isa wayarka yakan gaza hakan ma sosai.

Gwajin bai da wuya, sai dai a yi shi da kwamfuta mai ramin gigabit, wato wanda ke ɗaukar megabit 1000. Jona ta da kebul kai tsaye a akwatin kamfani, ka buɗe `speedtest.net`. Idan ka samu kusan 200, layi lafiya lau yake. Sai ka mayar da rauta, ka jona kwamfutar a bayanta, ka sake gwadawa. In lambar ta tsaya cak tsakanin 90 da 95 komai yawan maimaitawa, akwai abin da ke daƙile ta a 100. Kada ka yi saurin yanke wa rauta hukunci: kebul ma yana yin haka. Gigabit na buƙatar duka zare takwas na cikin kebul, kuma akwai masu arha da huɗu kawai aka haɗa. Canja da `Cat5e` mai kyau tukuna. In lambar ba ta motsa ba, to rautar ce.

Sabunta manhajar cikin rauta, wadda za ka ga an rubuta `Firmware` a shafinta, shi ne zaɓin da ba ya cin ko sisi. Yana iya maganin yankewa, da sandarewar da sai an kashe an kunna, yana kuma toshe kafofin kutse. Juya rautar ka karanta samfurinta da lambar da ke gaban `Ver`, domin samfuri ɗaya kan fito iri-iri, kuma fayil ɗin wani bai dace da wani ba. Ka shiga shafin rautar ta `192.168.0.1` ko adireshin da ke jikin takardar da aka manna mata, ka kwatanta lambar `Firmware` ɗinta da abin da ke shafin masu ƙera ta. Don Allah kada ka fara sai rautar na kan inbata ko batir, saboda ɗaukewar wuta ana tsakiyar aikin na iya kashe ta gaba ɗaya. Amma ka sani, babu sabuntawar da za ta mai da ramin 100 ya zama 1000. Idan kuma masu ita sun yi shekaru ba su fitar da sabon fayil ba, musamman in na ƙarshe ya girmi 2017, shekarar da aka bankaɗo raunin KRACK a tsaron WPA2, ni ba zan bar ta a gidan da ake hada-hadar banki ba.

In saye ya kama, a nan ake yawan yin asara. Archer C50 da Archer C6 duk `AC1200` aka rubuta musu, duk suna da zangon 5 GHz, a kanti sai ka rantse abu ɗaya ne. Ramukan C50 `10/100` ne, na C6 kuwa gigabit. Wanda ya sayi ta farko don layin 200 ya biya kuɗi ya koma gidan jiya. Ka nemi `Gigabit` ko `10/100/1000` a kwali, ka tabbata ya haɗa da ramin `WAN`, inda kebul ɗin akwatin kamfani ke shiga. Yawan eriya ba hujja ba ne.

Ga layin 100 zuwa 300 da iyali madaidaici, Wi-Fi 5 mai gigabit irin C6 ta wadatar. Wi-Fi 6, kamar Archer AX23, ta fi dacewa in wayoyi sun yi yawa a lokaci guda, kamar shagon kwamfuta ko gidan haya, kuma ta fi sauran shekarun samun sabuntawa a gaba. In tazarar kuɗin ba ta da yawa, ita zan ɗauka, ko da yake sai wayar da ita ma ta san Wi-Fi 6 ke cin cikakkiyar moriyarta.

Idan kuwa gwaji kusa da rauta ya yi kyau, ɗakin baya ne kawai ke wahala, to bango ne matsalarka. Siginar 5 GHz ba ta jure bulo da kankare kamar 2.4, don haka rauta mai tsada ba za ta fid da kai ba. Ja kebul zuwa can ka sa rauta ta biyu. Tsohuwar ma za ta iya wannan aikin, muddin ana sabunta ta kuma megabit 90 ya ishi masu ɗakin.