Hoton AI da taswirar gini: wanne za ka miƙa wa magini?

"Ofishin da na ba zanen gidana sun turo min hotuna huɗu masu kyau, da wasiƙa wai hotunan na AI ne, na nuna ra'ayi kawai, kada a yi gini da su. To mene ne bambancinsu da zanen da na biya? Ko in ba magini hoton kawai ya fara?"

Alhaji, don Allah kada ka ba magini hoton nan. Ni ma aikin zanen gine-gine nake yi, kuma irin wannan wasiƙar muke haɗawa da duk hoton da muka fitar da AI. Masu ofishin nan gaskiya suka gaya maka.

Manhajar AI mai haɗa hoto irin su Midjourney ba ta auna komai. Ta koyi kamannin gidaje ne daga tarin hotuna, sai ta haɗo abin da ya yi kama da gida. Ba ta san filinka ƙafa 50 a 100 ba ne, ba ta san kaurin bulo inci tara ba. Shi ya sa in ka jera hotunan naka huɗu ka ƙirga tagogi, da wuya na gaba ya dace da na gefe. Ita kuwa taswirar gini kowane layi da awonsa. In an rubuta 1:100, santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ce a ƙasa, kuma ƙofar da ke shafin farko ita ce dai a shafi na biyar, faɗinta bai canza ba.

Matakalar bene ta fi komai tona asirin hoto. Na taɓa fitar da wani hoton falo da ya burge mai gidan ƙwarai, sai na zauna na ƙirga matakan: 11 ne. Daga daɓen ƙasa zuwa na sama mita 3 ne a gidan, kenan kowane taki zai kai santimita 27, tsayin da tsohuwa ba za ta iya hawa ba, yaro kuma sai da rarrafe. A taswira mun sa taki 18, kowane kusan santimita 17, wurin ɗora ƙafa santimita 28. In an miƙe ta sak, sai ta ci kusan mita 4.8 na tsawon falon. Wurin da hoton ya ba ta ko mita 3 bai cika ba. Dole muka lanƙwasa ta biyu, muka rage falon, kuma mai gidan bai ji daɗi ba da farko, domin idonsa ya riga ya saba da hoton.

Baranda ta fi wannan haɗari. AI na son zana ta ta fito mita biyu da rabi babu ginshiƙi, siririya kamar faifai. Dakin na kankare mai kaurin santimita 15 da aka saba zubawa, abin da yake iya fitowa ba tare da tallafi ba bai wuce wajen mita ɗaya ba. Fiye da haka sai injiniya ya yi lissafi, ya ƙara kauri ko ya sa bim. Kuma a irin wannan baranda manyan rodi a sama suke zama, ba a ƙasa ba. Hoto ba ya nuna rodi ko ɗaya. Maginin da ke bin hoto zai shimfiɗa su yadda ya saba, ranar da aka cire katako ta tsage daga jikin bango.

Ta fuskar hukuma ma, in a Kano kake, hukumar tsara birane ta KNUPDA taswira take dubawa kafin ta ba da izinin gini, mai hatimin mai zane da na injiniya masu rajista. Mai lissafin kaya shi ma ba zai iya fitar maka da yawan siminti da rodi daga hoto ba.

Hoton yana da nasa amfanin, shi ya sa muke yin sa. Cikin yini ɗaya za ka ga gidan da rufin kwano a fili da kuma wanda aka ɓoye shi bayan bango, ka ga launi, ka ce wannan nake so, tun ba a ɓata makonni ana zanen abin da za ka ƙi ba.

Ka zagaye abin da ya burge ka a kowane hoto da biro, ka mayar musu, ka ce su rubuto maka wanne zai shiga taswira yadda yake, wanne zai canza, da dalili. Ka kuma roƙi a fitar maka da hoton ƙarshe daga taswirar kanta bayan an gama awo, da manhajar zanen gini irin Revit ko SketchUp, domin shi ne zai yi kama da gidan da za ka shiga, in Allah ya yarda.