Gargaɗi kan masu sayar da "maganin ƙara garkuwar jiki" da takardar gwajin jini

Jama'a a yi hattara da masu tallar ƙwaya ko garin magani a intanet da sunan "ƙara garkuwar jiki cikin kwana uku". Hujjarsu hoton takardar gwajin jini ne guda biyu. A ta farko an zagaye WBC, wato jimillar fararen ƙwayoyin jini, 5,000. A ta biyu ya koma 12,000. Sai su ce garkuwa ta ninka. Wannan yaudara ce, kuma duk wanda ya san yadda garkuwar jiki ke aiki zai gane ta.

Garkuwar jiki kashi biyu ce. Akwai wadda aka haifi mutum da ita: fata, majina, da ƙwayoyi irin su nutrofil da makrofaj masu haɗiye ƙwayar cuta. Wannan tana tashi cikin mintuna ko awanni, amma kowace cuta ta gani duka ɗaya take yi mata. Ta biyun ita ce wadda jiki ke koya bayan ya haɗu da cuta ko allurar rigakafi, kuma aikin fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira limfosait, wato B da T.

Ƙwayoyin B a ɓargo suke girma, su ne ke ƙera antibodi, sinadarin da ke manne wa ƙwayar cutar da ke yawo a jini ko ruwan jiki. Amma in bairos ya shige cikin ƙwayar jikin mutum ya ɓuya, antibodi ba ya iya kai masa. Nan ne aikin ƙwayoyin T, waɗanda ke girma a taimus, bayan ƙashin ƙirji. Masu alamar CD8 suna gano ƙwayar jikin da ta kamu su kashe ta. Masu alamar CD4 kuwa su ne ke ba da umarni, kuma ba tare da taimakonsu ba yawancin ƙwayoyin B ba sa ƙera antibodi mai ƙarfi mai daɗewa. A haɗuwar farko da cuta, wannan aiki yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu, domin sai 'yan ƙwayoyin da suka dace da wannan cutar kaɗai sun hayayyafa. Babu garin maganin da zai koya wa B da T cutar da ba su taɓa gani ba, balle a kwana uku.

To daga ina 12,000 ta fito? Adadin WBC na babban mutum mai lafiya yana tsakanin 4,000 zuwa 11,000 a kowace maikrolita, wato ɗan mitsitsin ma'aunin jini, kuma mafi yawansa nutrofil ne. Ciwo ma kan ɗaga shi. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne magungunan sitiroid, masu rage kumburi da danne garkuwar jiki, irin su deksametason, waɗanda an sha samun su a ɓoye cikin kayan da ake tallatawa a matsayin na ganye zalla. Sitiroid yana sa nutrofil da ke maƙale a bangon hanyoyin jini su sake su shiga yawo, sai lissafi ya hau, alhali limfosait suna raguwa. Mutum zai ji ciwon gaɓoɓi ya lafa, cin abinci ya buɗe, har ya yi ƙiba, ya ɗauka sauƙi ya samu, nan kuwa garkuwarsa ake dannewa.

Saboda haka kada a tsaya kan jimilla. A duba layukan da ke ƙasa a takardar. In nutrofil sun yi sama, limfosait sun yi ƙasa, babu wata garkuwa da ta ƙaru. A jiki kuma a lura da fuskar da ta kumbura ta zama zagaye, farin kurji a baki, hawan sukari, da ciwon da ya ƙi warkewa.

Masu ɗauke da HIV su ne suka fi shiga haɗari, domin CD4 ɗin nan ita bairos ɗin ke kashewa. Mai lafiya yana da kimanin 500 zuwa 1,500, kuma in ta faɗi ƙasa da 200 cututtuka na samun ƙofa a buɗe. WBC ba ya nuna adadin CD4, gwajinta daban ne. Duk mai tallar da ya ce a ajiye maganin asibiti a koma nasa, da rai yake wasa, don bairos kan sake yawaita cikin 'yan makonni da daina shan magani.

Wanda ya riga ya yi makonni yana shan irin wannan kaya, kada ya yanke shi rana ɗaya. In akwai sitiroid a ciki, jiki ya rage ƙera nasa sitiroid ɗin da ya saba yi da kansa, kuma yankewa farat ɗaya na iya jawo amai, kasala mai tsanani da faɗuwar matsin jini. Ya ɗauki kwalbar da sauran abin da ke cikinta ya kai wa likita, ya faɗi ranar da ya fara da yawan da yake sha a kullum.