Takardar neman aiki: ta jami'a da ta kamfani

"Shekara tara ina bincike kan gurɓacewar ruwan sha. Ina da muƙala 14, na samu tallafin bincike sau biyu, ina kuma koyarwa. Takardata shafi takwas ce, na tura wa kamfanoni, har yau shiru. In rage ta ne ko in rubuta sabuwa?"

Rubuta sabuwa, Malama, shafi biyu ya isa. Kwamitin jami'a yana neman shaidar abin da kika ƙara wa ilimi, shi ya sa tsawo ba ya damunsa. Shi kuwa mai ɗaukar aiki a kamfani yana so ya ga wace matsala kika taɓa warwarewa, da wane kayan aiki, cikin wata nawa.

Tallafin nan shi ne babbar kadararki. A takardar jami'a ana rubuta sunan mai bayarwa, lambar tallafin da taken binciken, shi ke nan, domin farfesa ya san wahalar samunsa. Mutumin kamfani bai sani ba, sai kin warware masa. A ce aikin na wata 24 ne, sai layin ya zama: "Na nemo kuɗin aikin da kaina, na riƙe kasafinsa, na jagoranci mutum huɗu muka gwada samfurin ruwa 1,200, muka miƙa rahoto a kan lokaci." Kin ga kasafi, shugabanci da cika wa'adi duk sun fito. Amma a kula: in ba ke ce jagorar binciken ba, faɗi ɓangaren da kika riƙe kawai. Ranar ganawa za a tambaye ki yadda kika yi da kuɗin ya gaza, wanda bai riƙe kasafi ba kuwa nan take ake gane shi.

Muƙaloli kuma, jami'a tana son duka 14 da sunan mujalla da jerin marubuta. Ga kamfani ɗauki biyu ko uku da suka shafi aikin, ki faɗi abin da suka haifar: hanyar gwajin da ta rage kwanakin jiran sakamako, ko manhajar da kika rubuta da Python wasu suke amfani da ita. Sauran a bar su a ORCID ko Google Scholar, shafukan intanet da ke jera ayyukan masu bincike, adireshin shafinki ya wadatar.

Koyarwa layi ɗaya ko biyu. Jerin kwasa-kwasai bai da amfani a nan, sai dai ɗalibai nawa kika duba aikinsu har suka kammala.

Kafin ki tura, ajiye sanarwar aikin kusa da takardarki. Manyan kamfanoni da yawa suna zuba takardu a manhaja, mai tacewa ya nemo kalmomin da ke cikin sanarwar. In sun ce "tabbatar da inganci" ke kuma kin rubuta sunan dabarar ɗakin gwaji kaɗai, zai iya wuce ki ko da aikin ɗaya ne. Sa kalmarsu, sunan dabarar ya biyo baya.