Sharhi kan aplikasiyon kalandar hutu: ranar da ba ta motsi ta iya ta, amma kar ku dogara da ita a kwanakin sallah

Jama'a masu tambayata kan wannan aplikasiyon ta kalanda da ke nuna ranakun hutun ƙasashe, wadda yaran da ke gyaran salula a kasuwar Dole ke sa wa mutane, to ga abin da na gani. Kun san ta, kun san 'yan jakkunan da ake biya a shekara in ana son ta buɗe ƙasa fiye da ɗaya. Ni harkata riɗi da wake ce tsakanin Damagaram da Kano, kuma rabin aikina sa rana ne da mutanen da ba ƙasarmu ɗaya ba, shi ya sa na biya ban yi ƙyashi ba.

Da farko gaskiya ta burge ni. Ka shiga wajen da aka rubuta "Jours fériés", ka zaɓi ƙasarka ka ƙara ƙasar wanda za ku gana da shi, sai ta jera muku kalanda ɗaya kowace ƙasa da launinta. A nan sai ka lura da kyau don Niger da Nigeria suna manne da juna a jerin, in harufa biyu ta nuna maka to NE tamu ce, NG ta Najeriya. Daga nan duk ranar da ka taɓa za ta gaya maka ko wani cikinku na hutu. Ita ce ta fara tuna min cewa 12 ga Yuni ba a aiki a Najeriya, ranar dimokuraɗiyya, wadda a da 29 ga Mayu ake yin ta kafin a maido ta nan daga 2019, kuma har yanzu akwai dattawanmu a tasha da za su rantse maka 29 ga Mayu ce. Haka su ma mutanen Kano ba ruwansu da 24 ga Afrilu tamu ta Konkord, ko 3 ga Agusta, ko 18 ga Disamba, sai mutum ya ce maka zai zo ranar a je duwan a gama takardu, sai ka tura masa hoton kalandar ya gani da idonsa biro a rufe yake. A irin wannan ban taɓa kama ta da kuskure ba, har na dinga tallata ta ga abokan sana'a.

Sai ƙaramar sallar 2024 ta zo, wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ina da kamiyo na riɗi da ya riga ya sauka a Dawanau tun cikin goman ƙarshe na azumi. Mai sayen kamfani ne da ke fitar da kaya waje, ba irin cinikinmu na hannu da hannu ba ne, sai manajansu ya zo an duba kaya an sa hannu a takarda sannan banki ya saki kuɗi. Ranar Litinin 8 ga Afrilu muna waya da shi muna neman rana, na buɗe aplikasiyon ta nuna min Najeriya na hutu Talata 9 da Laraba 10, Alhamis 11 kuwa fara fes ba wata alama a kanta. Kuma ba ƙarya ta yi ba a lokacin, abin da ma'aikatar cikin gida ta Najeriya ta sanar ke nan. Muka tsayar da Alhamis ƙarfe goma na safe, lokacinmu ɗaya da su ba sai an yi lissafin awa ba.

To ga inda abin ya karkace. Mu a Nijar an ga wata, muka yi idi ranar Talata 9. A Najeriya kuwa fadar Sarkin Musulmi ta ce ba a ga wata ba, suka cika azumi talatin, sallarsu ta koma Laraba 10. Tunda Talatar da aka ba su hutu ta zama ranar azumi, sai gwamnatin tarayya ta ƙara musu Alhamis 11 ta zama hutu. Ni ina nan cikin hidimar sallah, yara da baƙi da gaishe-gaishe, Laraba da hantsi kafin in kama hanyar Magariya na sake buɗe ta don in tabbatar, Alhamis na nan fara yadda na bar ta. Na baro iyalina da tuwon sallah a tukunya na tafi.

Alhamis da safe na isa ƙofar ofishin na tarar da kwaɗo, maigadi shi kaɗai a kan benci da rediyo a kunne sanye da sabuwar shadda. Ya ce "Alhaji ai yau hutu ne, ba ka ji an ƙara ba?" Na kira manaja ya ce shi ya ɗauka kowa ya sani, ya riga ya bar gari, Juma'a ma ba zai dawo ba sai Litinin 15. Bankuna a rufe, gari ya cika da dawaki da masu kallon hawa, ni kuwa ga kuɗin masauki, ga kuɗin ajiyar kaya na ƙaruwa, ga mutanen ƙauye da na karɓi riɗinsu bashi na yi musu alkawarin kuɗi kafin ƙarshen mako suna ta kirana. Wannan na ƙarshen shi ya fi ci min rai, don magana ce na ba mutane.

Abin da ya sa nake ɗora wa aplikasiyon laifi ba wai don ba ta san gaibu ba ne, ba wanda ya san ranar da za a ga wata. Laifinta shi ne launi ɗaya take ba 1 ga Oktoba, ranar 'yancin kan Najeriya, da ranar sallah, kamar duka tabbas ne, alhali ba iri ɗaya ba ne. 1 ga Oktoba tana nan ko shekara goma ka duba gaba. Amma ƙaramar sallah da babbar sallah da Mauludi lissafi ne kawai aka yi aka zuba mata, shekarar Musulunci tana ja da baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, kuma kowace ƙasa da masu duban watanta, ana iya samun bambancin kwana ɗaya tsakaninmu da maƙwabta. Bayan ganin watan kuma akwai sanarwar gwamnati, wadda ita ce ainihin mai rufe banki da ofis, a Najeriya 'yan kwanaki kafin ranar ake fitar da ita, kuma kun ga ana iya sake ta. Ko a 2025 da sallar ta faɗo Lahadi 30 ga Maris, Litinin 31 da Talata 1 ga Afrilu aka ba su hutu, ka ga wanda ya duba ranar idi kawai zai ce Litinin akwai aiki. Me zai hana su sa ɗan rubutu a ƙasan irin waɗannan ranakun cewa wannan sai an ga wata? Na rubuta musu ta wajen ƙorafi da Faransanci na yi bayani dalla-dalla, amsar da ta zo godiya ce kawai da roƙon in ba su tauraro biyar.

Duk da haka ban goge ta ba, don akwai inda take min rana. Wani ɗan'uwana da ke kawo kaya ta Agadas daga Aljeriya ita ta nuna masa cewa can Juma'a da Asabar ne hutun mako, Lahadi ranar aiki ce cur, wato in kana son ku haɗu a waya da ofishinsu da naka duka a buɗe, Litinin zuwa Alhamis kawai gare ku. Masu odar kaya daga Sin ma tana jan musu layi a makon farko na Oktoba da lokacin sabuwar shekararsu. Wannan aiki ne mai kyau, na yarda.

Amma da na tuna da zancen jihohi sai haushin ya dawo. Najeriya ɗaya take nuna maka dunƙule, ba ta san akwai hutun jiha ba. Gwamnatin Kano kan ba da hutun 1 ga Muharram ga ma'aikatanta alhali gwamnatin tarayya ba ta bayarwa, haka Takutaha, mako ɗaya bayan Mauludi, garin kan ɗauki wani yanayi daban. Duk ba ko ɗaya a cikinta. In ganawarka da ofishin jiha ce ka ga fari a kalanda ka taso, to sai dai ka dawo. Mu ma nan da aka mai da 26 ga Yuli ranar hutu a 2024, ranar ta zo ta wuce ba ta shigar da ita ba, abin ƙasarmu ma ke nan.

Yanzu ga yadda nake yi, duk wanda ya ga zai amfane shi ya ɗauka. In za mu sa rana ina buɗe ta in zubar da ranakun da ba sa motsi na ƙasashen biyu da na hutun mako, wannan aikinta ne kuma ta iya. Sai in duba ko ranar ta kusa da sallah ko Mauludi, in ta kusa ba na sa komai daga kwana ɗaya kafin ranar da ta nuna har kwana uku bayanta, in babbar sallah ce ma mako guda nake bari don mutane na tafiya gida. In dole ce ta sa sai a tsakanin, to ba ma ƙulla magana sai sanarwar ma'aikatar cikin gida ta fito, kuma daren da ake duban wata ina kunna rediyo in ji abin da Sakkwato ta ce ba abin da Yamai ta ce kawai ba. Sannan kwana ɗaya kafin tafiya ina kiran mutumin, ba na ce masa "muna nan kan magana?" don zai ce eh ne kawai, tambayarsa nake kai tsaye gobe ofishinku a buɗe, bankinku na aiki? Ranar kuma da sunanta nake rubuta masa, Alhamis 11 ga Afrilu, ba 11/04 ba, don wasu wayoyin wata suke fara sawa kafin rana.

Tauraro uku na ba ta, kuma da ƙyar. In lokacin sabunta biya ya zo ba su sa alamar nan a ranakun ganin wata ba, zan koma ta kyauta mai ƙasa ɗaya in sa Najeriya kawai, tunda hutun Nijar na san shi a ka.