Tushen gwaji: 1 V ko 1 A?

Ɗalibai sun sha tambayata wanne za su jona wa da'irar da ba ta da tushe mai zaman kansa, sai mai dogaro da wani, in ana neman turjiyar Thévenin. Raba Voc, boltajin bakunan da'irar in suna buɗe, da Isc, karan da ke bi in an haɗe su, ba ya aiki a nan, don dukansu sifili ne. Dole a kawo tushen gwaji.

Ga misali. Tsakanin bakunan da'irar biyu, a da b, akwai rasista 4 Ω, karan ix na bin ta daga a zuwa b. A kafaɗarta akwai reshe mai 2 Ω jere da tushen boltaji 2ix, kansa mai alamar + na fuskantar a.

Jona 1 V: nan take ix = 0.25 A, tushen ya zama 0.5 V, reshen ya ja (1 − 0.5)/2 = 0.25 A. Jimla 0.5 A, turjiya 2 Ω.

Jona 1 A kuwa, in v ce boltajin da ke tsakanin a da b, ix = v/4, tushen ya zama v/2, sai ka warware v/4 + (v − v/2)/2 = 1 kafin ka sami v = 2. Amsa ɗaya ce, amma ka ɗan yi gumi. Sai dai babu rabawa a ƙarshe, v ɗin ita ce turjiyar.

Haɗarinsu ɗaya: kashe tushe mai dogaro. Wanda ya yi haka a nan 1.33 Ω zai samu, ya faɗi.

Mai da'irar da rassanta ke kafaɗa da kafaɗa, 1 V ya fi masa. Wanda kayansa ke jere a layi guda, ya ɗauki 1 A.